Rubutun bidiyo mai ɓangare biyu, hoto a hagu sauti a dama: tambayoyi da amsoshi

Mene ne rubutu mai ɓangare biyu?

Takarda ce da aka tsaga gida biyu daga sama har ƙasa. A ɓangaren hagu ana rubuta duk abin da mai kallo zai gani, a ɓangaren dama kuma duk abin da zai ji: muryar mai sharhi, maganar wanda ke gaban kyamara, kiɗa da sauran ƙararraki. Ana kuma ratsa takardar da layuka a kwance, ko wane layi da lambarsa. Ƙa'idarsa ɗaya ce: abin da ke hagu da abin da ke dama a layi guda, tare suke faruwa a cikin bidiyon. A bisa al'ada ana sa wa ɓangarorin suna `VIDEO` da `AUDIO`. Masu tallan talabijin da masu shirye-shiryen gaskiya sun daɗe da shi, kuma kamfanoni da yawa da ke yin bidiyon horas da ma'aikata da shi suke aiki.

Me ya bambanta shi da rubutun fim?

Rubutun fim zube yake, gida ɗaya: sunan wuri, bayanin abin da ke faruwa, sunan ɗan wasa, maganarsa, haka har ƙasa. An tsara shi don labari, inda ɗan wasa zai yi magana, wani ya amsa, darakta kuma ya zaɓi inda kyamara za ta tsaya. Ana buga shi da haruffan Courier masu girman 12, shi ya sa ake ƙiyasta shafi ɗaya da kusan minti ɗaya.

Bidiyon horaswa ba haka yake tafiya ba. Galibi murya ce ke bayani daga bayan fage, hoto yana sauyawa a ƙarƙashinta. Idan aka rubuta shi zube, mai karatu zai ga sakin layi na bayanin hoto, sannan sakin layi na magana, sai ya haɗa su da kansa a cikin ƙwaƙwalwarsa. Mutum biyar suka karanta, haɗi biyar za a samu. A mai ɓangare biyu an riga an yi haɗin a kan takarda, kowa abu ɗaya yake gani. A lura kuma: ƙiyasin nan na shafi ɗaya minti ɗaya ba ya aiki a nan ko kaɗan.

Me ake rubutawa a hagu, me ake rubutawa a dama?

A hagu ana faɗin girman ɗauka, abin da ke cikinta, da rubutu ko zanen da zai hau allo. Akwai gajerun alamomi da ma'aikatan ɗaukar hoto suka saba gani, kuma yadda suke ake buga su. `WS` ɗauka ce daga nesa mai nuna wurin gaba ɗaya, `MS` tana nuna mutum daga wajen ƙugu zuwa sama, `CU` kuma ta kusa ce, kamar hannu ko maɓalli. `SUPER` rubutu ne da za a ɗora kan hoto, `GFX` zane ne ko hoto mai motsi da za a ƙera a kwamfuta.

A dama, `VO` na nufin ana jin murya ba a ganin mai ita, `OC` na nufin mai maganar yana gaban kyamara, `SFX` ƙara ce kamar ta inji ko ƙofa. Ana rubuta maganar kalma bayan kalma, daidai yadda za a furta ta. Lamba ma gara a rubuta ta da haruffa, ko a nuna yadda ake son a karanta ta, don kada mai murya ya tsaya yana tunani a gaban makirfo.

Kuskuren da ya fi yawa a hagu shi ne bayani maras kama, irin su "hotunan ma'aikata suna aiki". Mai kyamara ba zai iya ɗaukar wannan ba. Su wa? Su nawa? A wane ɗaki, riƙe da me? Gwajin mai sauƙi ne: a miƙa wa wanda bai halarci taron tsara bidiyon ba akwatin hagu shi kaɗai. In zai iya ɗauko hoton ba tare da ya yi tambaya ba, bayanin ya isa.

Ko za a nuna misali?

A ce wani kamfani na son bidiyon minti uku da zai koya wa sababbin ma'aikata amfani da tukunyar kashe gobara mai hoda. Ga tsakiyar rubutun:

| Lamba | Sakan | VIDEO | AUDIO |
|---|---|---|---|
| 7 | 5 | `MS`: ma'aikaci ya ciro tukunya daga bango, ƙofar fita tana bayansa | `VO`: Ciro tukunyar, ka tsaya ƙofar fita tana bayanka. |
| 8 | 6 | `CU`: yatsa ya zare fil, hatimin roba ya tsinke. `SUPER`: 1. ZARE FIL | `VO`: Zare fil ɗin. Hatimin roba zai tsinke, haka ake so. |
| 9 | 5 | `MS` daga gefe: bakin tiyo ya fuskanci ƙasa. `GFX`: kibiya ta nuna gindin wuta. `SUPER`: 2. SAITA | `VO`: Saita bakin tiyo ga gindin wutar, ba harshenta ba. |
| 10 | 3 | `CU`: hannu ya matsa mariƙi. `SUPER`: 3. MATSA | `VO`: Matsa mariƙin. `SFX`: ƙarar feshi |
| 11 | 9 | `WS`: yana kaɗa tiyo dama da hagu har wuta ta mutu. `SUPER`: 4. KAƊA | `VO`: Yi ta kaɗa shi dama da hagu. Daga nan ba magana, sai ƙarar feshi na sakan 5. |

Dubi layi na 11. Shirun sakan biyar ɗin rubuta shi aka yi, da gangan. Mai koyo yana bukatar ya ga hannun yana kaiwa yana komowa ba tare da wata magana ta raba masa hankali ba. Da ba a rubuta shirun ba, mai tace hoto zai ɗauka giɓi ne, ya yanke shi.

Dubi layi na 7 kuma. Maganar ƙofa ta fito a ɓangarorin biyu. Da murya ta ce ƙofa tana bayanka, hoto kuwa ya nuna mutum ya ba bango baya, to bidiyon ya koyar da abin da ka iya kashe mutum, domin ido ya fi kunne riƙewa.

Yaushe ake buɗe sabon layi?

Duk lokacin da hoto ya sauya. Ɗauka ɗaya, layi ɗaya. Wasu marubuta suna buɗe layi ne idan jimla ta ƙare, sai ka ga ɗauka huɗu cunkushe a akwati guda, ba wanda ya san wace kalma ce ke faɗowa kan wane hoto. In jimla ɗaya ta ratsa hotuna biyu, a raba ta a daidai kalmar da ake son hoton ya sauya, rabi a layi na 12, rabi a na 13. Ba laifi ba ne jimla ta tsinke a takarda, ai mai murya zai karanta ta a haɗe.

Ta yaya ake sanin tsawon bidiyon tun yana takarda?

Da ƙirga kalmomin ɓangaren dama. A Turanci ana ƙiyasta mai sharhi da kalma kusan 150 a minti, wato biyu da rabi a sakan. Don horaswa ana sassautawa zuwa wajen 130, saboda mai kallo yana koyo ne, ba sauraron talla yake ba. Rubutu mai kalma 390 zai ba da kusan minti uku, sai a ƙara wuraren shiru da buɗewa da rufewa.

Wannan ƙiyasi ne kawai. Abin da ya fi tabbas shi ne a karanta ko wane layi da ƙarfi, da agogon waya a hannu, a rubuta sakan ɗinsa a gefe. Karatun zuci yana da sauri fiye da na baki, kuma ba ya nuna inda numfashi zai ƙare.

Ga yadda ƙirgar ke tona matsala. A ce a zubin farko marubuci ya cika layi na 9 da bayanin nau'o'in gobara, kalma talatin. Kalma talatin a kan biyu da rabi sakan goma sha biyu ke nan. Hoton da ke hagu, mutum yana saita tiyo, bai wuce sakan biyar ba. Saura sakan bakwai da ba su da hoto. A takarda abin a fili yake tun daga nesa: akwatin dama ya yi tsawo, na hagu layi ɗaya tak, ƙarƙashinsa fari fat. Mafita uku ce. Ko a rage maganar, ko a ƙara ɗauka a raba layin, ko a kwashe bayanin a kai shi farkon bidiyo inda zai samu zanensa. A nan ta ukun ce daidai, domin wanda ke riƙe da tukunya a gaban wuta ba lokacin karatun nau'o'in gobara ba ne.

To me ya sa masu horas da ma'aikata har yanzu suke riƙe da shi, alhali akwai sababbin manhajoji?

Babban dalili shi ne yawan mutanen da sai sun sa hannu kafin a kunna kyamara, kuma akasarinsu ba 'yan fim ba ne. Bidiyon gobarar nan sai jami'in kula da lafiyar ma'aikata ya duba shi, da shugaban sashen da za a yi ɗauka a cikinsa, wani lokaci da lauyan kamfani. Babu ɗayansu da ya koyi karanta rubutun fim, amma kowa ya iya karanta jadawali. Jami'in zai bi layi layi yana tambayar abu ɗaya: abin da aka faɗa daidai ne, abin da aka nuna ma daidai ne?

Kuma kuskuren horaswa sau da yawa a tsakanin ɓangarorin biyu yake ɓuya. A ce layi na 5 ya ce a dama, "Duba allurar ma'auni, ka tabbata tana kan kore," a hagu kuma an rubuta cewa za a nuna tukunya mai iskar kabon dayokzayid, don ita ce ke rataye a ofishin da za a yi ɗauka. Maganar daidai ce, tukunyar ma ta gaske ce. Sai dai irin wannan tukunya ba ta da ma'auni, auna nauyinta ake yi. Mai hoda ce ke da allura. Masanin aikin da ya ga abubuwan biyu gefe da gefe zai kama shi nan take, gyaran kuma bai wuce sauya kalma uku ba. In sai bayan ɗauka aka gano, dole a sake kiran mai kyamara, a sake tsayar da aiki a sashen, a sake neman ma'aikacin da ya fito da irin kayan da ya sa ranar farko.

Dalili na biyu kuɗi ne. Wanda zai yi ƙiyasin kashewa ɓangaren hagu kaɗai yake bi: wurare nawa, mutum nawa a gaban kyamara, zane nawa za a ƙera, wace ɗauka ce ke bukatar izini na musamman. Layi na 11 kaɗai yana nufin wuta ta gaske a fili, da ƙwararren mai kashe gobara a tsaye, da tukwane fiye da ɗaya, tunda ƙaramar tukunya cikin 'yan sakanni take ƙarewa kuma da wuya ɗauka ta yi kyau a karon farko. Manaja ya gwammace ya san haka tun kafin ya amince da kasafi.

Na uku ya shafi koyon kansa. Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya a Santa Barbara, wanda ya yi fice a binciken koyo ta hoto da sauti, ya nuna cewa mutane sun fi fahimta idan magana da hoton da ya dace da ita suka zo lokaci ɗaya. Ya kuma nuna cewa ɗora wa hoto rubutu mai maimaita duk abin da murya ke faɗa yana iya rage fahimta. Abubuwan nan biyu ana iya duba su da ido a wannan tsari. Na farko shi ne ma'anar layi ita kanta. Na biyu kuwa, in ka ga `SUPER` ya kwafi jimlar `VO` gaba ɗayanta, ka san a rage shi zuwa kalma biyu ko uku, kamar yadda aka yi a misalin sama.

Sai kuma sauyi. Dokokin aiki a kamfani ba sa zama wuri ɗaya. Bana lambar kiran gaggawa ta sauya, baɗi an sauya wurin taruwa. Da rubutu mai lambobi, ana buɗe takarda a ga cewa layi na 16 ne kawai abin ya shafa, a sake naɗar jimla ɗaya, a sauya rubutun allo ɗaya. Ba sai an zauna an kalli bidiyon gaba ɗaya ana neman wurin ba.

Wane ɓangare ake fara rubutawa?

Yawancin mutane da dama suke farawa, don magana ta fi saurin zuwa. Haɗarin shi ne a ƙare da lacca, a dawo ana neman hoton da za a lulluɓe ta da shi. Alamar hakan ita ce akwatunan hagu su cika da hotunan gini, da mutane suna tafiya a baranda, da hannuwa a kan kwamfuta.

Shawararmu: in aikin hannu ake koyarwa, a fara da hagu. A jera matakan kamar bidiyo maras sauti ne, sannan a ba murya abin da ido ba zai iya gani ba, wato dalili da gargaɗi. Ido ya ga an zare fil, murya ta ƙara cewa tsinkewar hatimi ba ɓarna ba ce. In kuwa doka ko manufar kamfani ake bayani, inda kalmomin ne ke da nauyi, a fara da dama, amma kada a wuce layi sai an samo masa hoton da ke ƙara wani abu.

Da me ake rubuta shi?

Microsoft Word ko Google Docs sun isa, kuma su ne kowa a kamfani yake da su, ya kuma iya barin sharhi a cikinsu. Akwai manhajoji irin su Celtx masu wannan tsari a shirye, amma ba dole ba ne.

A yi amfani da jadawali, ta `Insert` sannan `Table`. Kada a yi amfani da `Columns` da ke ƙarƙashin `Layout` a Word: wannan irin rabon jarida ne, rubutu yana malala daga gida ɗaya zuwa na gaba, kana ƙara jimla ɗaya komai zai goce. Haka ma daidaita ɓangarorin da maɓallin tazara ko `Enter`, rugujewa yake da zarar an buɗe takardar a wata kwamfuta.

A Word akwai saituna biyu masu rage wahala, duka a `Table Properties` ƙarƙashin `Row`. A cire alamar `Allow row to break across pages`, don kada layi ya rabu tsakanin shafi biyu, hoto a nan magana a can. A layin farko kuma a sa alamar `Repeat as header row at the top of each page`, don sunayen ɓangarorin su fito a kan ko wane shafi.

Bayan an amince da rubutun, sai me?

A kulle lambobin. Daga ranar da aka sa hannu, layi na 8 shi ne na 8 har a gama aiki. In an ƙara sabo tsakanin 8 da 9, sunansa 8A. In an cire layi, a bar lambarsa a rubuta "an cire". Saboda haka gara a buga lambobin da hannu, don lamba mai sauya kanta za ta tura duk na ƙasa gaba. Dalilin shi ne mai kyamara yana sa wa ɗaukarsa waɗannan lambobi, mai murya ma da su yake sa wa fayilolinsa suna. Lamba ta goce da ɗaya, mai tace hoto zai ɗora muryar "saita bakin tiyo" a kan hoton zare fil.

Daga nan takardar takan rabu. Ɓangaren hagu ya zama jerin ɗauka, a sake jera shi bisa wuri, a ɗauke duk na sito rana ɗaya, duk na ofis wata rana. Ɓangaren dama a kwafe shi shi kaɗai, da manyan haruffa, a ba mai murya. Shi ne kuma tushen rubutun ƙasan allo don kurame, wanda ƙa'idojin WCAG, na sauƙaƙa wa naƙasassu amfani da intanet, suka bukata ga bidiyon da aka naɗa. Sai dai a gwada shi da abin da aka furta a zahiri, domin mai murya yakan sauya kalma nan da can.

In za a mayar da bidiyon Turanci zuwa Hausa fa?

A ƙara ɓangare na uku kusa da na dama, a bar sakan ɗin ko wane layi a gaban mai fassara. Aikinsa ya sa Hausar ta shiga cikin lokacin da hoton ya bayar. Kalmar fasaha ɗaya ta Turanci takan bukaci kalma uku ko huɗu a Hausa, sai layin sakan biyar ya koma bakwai. Kada a ce wa mai murya ya ƙara sauri, ma'aikacin da aka yi fassarar dominsa shi ne zai rasa. A taƙaita jimlar, ko mai tace hoto ya tsawaita ɗaukar. Shi ya sa yake da kyau tun ranar ɗauka a bar ko wace ta zarce da sakan biyu ko uku gaba da baya.

Ƙiyasin kalma 150 na Turanci ne. Hausa tana da ƙananan kalmomi da yawa irin su "da", "na", "ya", don haka a auna ta da agogo. A kuma bi ɓangaren hagu a fitar da duk `SUPER` da `GFX` mai rubutu, su ma suna bukatar fassara, kuma a tabbata haruffan da aka zaɓa suna da ɓ, ɗ da ƙ. Da yawa ba su da su, sai a ga ƙaramin akwati a madadin harafin.

Akwai inda tsarin bai dace ba?

Akwai. In horon wasan kwaikwayo ne, kamar ma'aikacin banki da abokin ciniki mai fushi suna musayar magana, rubutun fim ya fi, domin 'yan wasa suna bukatar ganin zancen yana gudana, yanka shi akwati akwati yana kashe shi. Ana iya haɗawa: sharhin ya zauna a jadawali, a layin wasan a rubuta "duba fage na 2", a liƙa fagen a baya.

Hira ma ba a rubuta ta kafin a yi ta. A dama sai a sa tambayoyi da batun da ake fata a taɓo, bayan an naɗa a cike ainihin maganar tare da lokacin da ta fara da inda ta ƙare a cikin fayil.

Darasin da mai koyo ke latsa zaɓi ya bi hanyoyi daban-daban yana bukatar taswirar rassa tukuna, sannan ko wane reshe ya samu jadawalinsa. Bidiyon da kusan dukansa zane ne mai motsi kuwa, kalmomi ba sa isar mai zane. A nan ana ƙara siririn ɓangare a gefen hagu, a sa ɗan zanen hannu na ko wane layi, ko da na fensir ne aka ɗauka da waya, mai ɗauke da lambar layin da yake wakilta.